Abin da ya kamata ku sani: yadda ake tsame bayanin da ke da amfani daga doguwar tambayar gado

Duk wanda ya taɓa zama jarrabawar ilimin gado, a makarantar Islamiyya ko a tsangayar shari'a ta jami'a, ya san irin tambayar nan da ke cin shafi guda. Za a ba ka labarin mamaci tun daga sana'arsa har zuwa asibitin da ya kwanta, a jero maka dangi, a kawo rigimar cikin gida, sannan a layin ƙarshe a ce ka raba. Da gangan malami yake cusa abin da ba ya aiki a ciki, don ya ga ko ɗalibi ya fahimci hukunci ko haddarsa kawai ya yi. A zaure da kotu ma haka abin yake, sai dai a can ba da gangan ba ne: wanda aka yi wa rasuwa ba ya zuwa da jerin magada a tsare, da labari yake zuwa, kuma abin da ya fi yi masa ciwo shi zai fi nanatawa.

Hanya ɗaya ce nake ganin ba ta yaudara wajen gane abin da za a ɗauka da abin da za a bari. A ɗauki kowane bayani a juya shi, a tambayi kai: da ba haka abin ya kasance ba, rabon wani zai ƙaru ko ya ragu? In ba abin da ya motsa, bayanin ƙaiƙayi ne, a sheƙe shi. In wani abu ya motsa, a riƙe shi ko da kalma biyu ce aka saka a tsakiyar jimla. Faɗar wannan da sauƙi, don haka bari mu gwada shi a kan tambaya sukutum.

Ga ta. Wani ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya rasu yana da shekara 63, bayan ya yi wata 5 a kwance da ciwon da bai tashi ba. Ya bar uwargidansa da suka yi shekara 30 tare, da amaryar da ya aura wata 8 kafin rasuwarsa, wadda ba ta haihu ba. Akwai matarsa ta tsakiya da ya yi wa saki ɗaya wata 4 kafin ya rasu, ta koma gidan iyayenta a Gaya, har ta gama idda. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, mahaifiyarsa kuwa tana raye, ta tsufa ƙwarai, ba ta gani. Yana da 'ya'ya mata biyu: babbar ta yi shekaru ba ta zuwa gaishe shi, ƙaramar ita ta yi jinyarsa har ƙarshe. Ɗansa namiji tilo ya rasu shekara 2 da suka wuce a haɗarin mota a hanyar Zariya, ƙanen mamacin ne ke tuƙi a ranar, kuma ɗan ya bar yaro namiji ɗan shekara 4. Wannan ƙanen shaƙiƙi ne, talaka ne mai iyali da yawa, kuma a bara mamacin ya ce a gaban mutane ya ba shi motarsa kyauta, amma motar ba ta bar hannun mamacin ba har ya kwanta. Akwai kuma agola, ɗan uwargida da ta zo da shi, wanda mamacin ya raina kuma shi ke tsare masa shago. Dukiyar da aka samu: gida na naira miliyan 15, hatsi na miliyan 8, motar nan ta miliyan 4, da miliyan 3 a banki. Shekara 3 da suka wuce ya sayar da gonarsa miliyan 5, ya yi aikin Hajji ya gyara gida da kuɗin. Ana binsa bashin naira 2,800,000, an kuma kashe 200,000 a jana'izarsa. Ya yi wasiyyar miliyan 3 ga agolan, da miliyan 2 ga ƙaramar 'yarsa, sauran magada ba su amince da ta 'yar ba. A raba bisa mazhabar Malikiyya.

Kafin a koma kan labarin, a fara da layin ƙarshe. Me aka tambaya, kuma da wane ma'auni? An ce a raba duka, kuma an ce Malikiyya, wadda da ma ita kotunan shari'a na arewacin Najeriya suke aiki da ita. Ɗalibai da dama suna tsallake wannan kalma kamar ado ce, alhali za mu ga ita kaɗai ta isa ta shigar da mutum cikin magada ko ta fitar da shi. Daga nan sai mutum ya tuna tambayoyin da ilimin gado kansa yake yi, tun bai sake duba labarin ba. Mene ne ainihin abin da mamaci ya bari? Me za a fitar kafin rabo? Wa ke da dalilin gado, na jini ko na aure, kuma yana raye lokacin da mamaci ya cika? Akwai abin da ya hana shi, kamar kisa ko bambancin addini? Akwai wanda ya katange shi? Wanda ya shiga labarin riƙe da waɗannan tambayoyi, shi ke jan labarin. Wanda ya shiga hannu rabbana, labarin ke jansa.

Wasu bayanan ba sa ɗaukar lokaci. Shekarun mamaci, Dawanau, Gaya, makantar mahaifiya: a mayar da shi ɗan shekara 40 mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, ba kwabon da zai sauya hannu. Miliyan 5 na gona ma haka, tun da an sayar an kashe kuɗin yana raye. An kawo adadin ne kawai don mai son ya tara duk wata lamba da ya gani a takarda.

Waɗanda suka fi wuyar yarwa su ne masu taɓa zuciya. 'Yar da ta yi jinya da wadda ta ƙaurace, talaucin ƙane, uwargidan da ta yi shekara 30 tana haƙuri ga amaryar jiya. Zuciya tana so a ce waɗannan suna da tasiri, amma a juya su a gani. Da babbar ce ta yi jinya, rabon 'ya'ya mata biyu yana nan yadda aya ta 11 ta Suratun Nisa'i ta yanka, kashi biyu cikin uku, su raba daidai. Ladan jinya da zunubin yanke zumunci suna da wurin hisabinsu, ba a teburin rabo ba. Matan aure kuma tarayya suke yi a tumuni ɗaya matuƙar mamaci ya bar zuriya, ba a duba daɗewa, ba a duba wadda ta haihu. A ganina irin wannan ne ya fi kayar da mutane a zahiri, domin a gidan rasuwa maganar da ta fi tashi ita ce wa ya kyauta wa mamaci, wa ya ƙi shi.

Akwai kuma tarkon da aka ɗana wa mai karatu musamman, shi ne bayanin da ke tuno maka da hukunci na gaskiya a inda hukuncin ba ya aiki. Ƙanen ne ke tuƙi ranar da ɗan ya rasu. Ɗalibin da ya yi bita zai ji ƙararrawa ta kaɗa: kisa yana hana gado, kuma a Malikiyya mai kisan kuskure yana gadon dukiya amma ba ya gadon diyya. Sai ya cika rabin shafi da wannan. To amma gadon wa ake rabawa? Na uban ne, ba na ɗan ba. Kisa yana hana mutum gadon wanda ya kashe ne kawai, kuma babu wanda ya ce ƙanen yana da hannu a rasuwar yayansa. Wanda bai yi karatu ba wannan tarko ba zai kama shi ba, don bai ma san hukuncin ba.

Yanzu ga inda aikin yake da daɗi, wato bayanin da ya yi kama da ado amma shi ne ginshiƙi. An ce mamacin ya yi wata 5 a kwance. Da farko mutum zai ɗauka irin zancen asibitin nan ne da ake buɗe labari da shi. Amma a jera watannin a layi ɗaya: aure wata 8 kafin rasuwa, kwanciya wata 5, saki wata 4. Nan take za a ga an yi auren yana da lafiya, an kuma yi sakin yana cikin ciwon ajali.

Matar da aka saka ta gama idda, kuma hukuncin da kowa ya sani shi ne wadda aka yi wa sakin kome tana gado ne in mijin ya rasu tana cikin idda, in ta gama igiya ta yanke. Da wannan ɗalibi zai soke sunanta hankali kwance. Sai dai Malikiyya sun ce matar da aka saka a cikin ciwon da miji ya mutu a cikinsa tana gado ko iddarta ta ƙare, kai ko da ta yi wani auren, domin a toshe wa mai jinya hanyar korar magaji. Hanafiyya kuwa sun tsayar da gadonta a kan iddar, in ta ƙare shi ke nan. Ga amfanin kalmar nan ta layin ƙarshe. A wannan tambaya gama iddar shi ne abin ɗauke hankali, watan da aka yi sakin shi ne hujja. Da an ce ya sake ta wata 7 kafin rasuwa, yana kan ƙafafunsa, da ta fita, matan biyu su raba tumunin.

Wata 8 na amarya kuma fa? Mun ce gajartar zama ba ta rage mata komai, haka ne. Amma adadin yana da wani aikin: a Malikiyya auren da aka ɗaura a cikin ciwon ajali ɓatacce ne, ba a gado da shi. Da an ce wata 3 ne, da ta faɗa cikin watannin jinya. Tun da 8 ya fi 5, aurenta lafiya lau. Bayani guda ke nan, ta wata fuska banza ne, ta wata fuskar kuma dole a duba shi. Shi ya sa ba a yanke wa kwanan wata hukunci shi kaɗai, sai an ajiye shi kusa da 'yan'uwansa.

Maganar mota ita ma tana da ɓangare mai ƙara da ɓangare mai nauyi. Mai ƙarar shi ne an yi kyautar a gaban mutane. Mai nauyin shi ne motar ba ta bar hannun mai ita ba. Kyauta ba ta cika sai da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓa ya riƙe kafin mai bayarwa ya rasu ko ya shiga ciwon ajali. Tun da ƙanen bai karɓa ba, motar tana cikin dukiyar gado. Wanda ya cire ta zai fara lissafi da miliyan 26 maimakon 30, kuma duk abin da ya biyo baya ya karkace ko da ya san kason kowa daidai.

Agola ba ya gado, komai daɗewarsa a gidan, komai amanarsa a shago, domin babu jini tsakaninsa da mamaci. Amma kada a share shi daga takarda baki ɗaya, don rashin gadon nasa shi ne ya halatta masa wasiyya. Ƙa'idar ita ce wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, sai in sauran magada sun yarda. Ta agola ta tsaya. Ta ƙaramar 'ya ta faɗi, tun da magajiya ce kuma an gaya mana ba a amince ba.

Saura mutum biyu masu jiran ragowa, jika da ƙane. An ɓata layuka a kan ƙanen, an ambaci jikan a wutsiyar jimla. Shekarunsa 4 ba su da tasiri, ko jaririn da ya faɗo ya yi kuka yana gado. Abin dubawa shi ne namiji ne, kuma ta wajen ɗa namiji ya fito. Ɗan ɗa asaba ne da ya gabaci ɗan'uwa, don haka ya katange ƙanen. A juya a gani: da ɗan ɗaya daga cikin 'ya'ya matan ne, ba shi da komai, ragowar ta ƙanen ce. Da kuma mace ɗan ya bari, ita ma ba za ta samu ba, domin 'ya'ya mata biyu sun cinye kashi biyu cikin ukun, ragowar ta sake komawa ga ƙanen. Kalmar namiji guda ɗaya ta fi duk labarin talaucinsa nauyi.

To, a yi lissafi. Dukiya miliyan 30. A cire jana'iza da bashi, miliyan 3, saura 27. Sulusin 27 shi ne 9, wasiyyar agola miliyan 3 ba ta kai ba, sai a ba shi, saura 24. Asalin mas'alar ma daga 24 yake, saboda haɗuwar tumuni da sudusi, don haka kowane kaso ɗaya miliyan ɗaya ne. Mata uku suna da tumuni, miliyan 3, kowacce miliyan 1. Mahaifiya tana da sudusi saboda akwai zuriya, miliyan 4. 'Ya'ya mata biyu miliyan 16, kowacce 8. An tashi da 23. Miliyan 1 da ya rage na jika ne. Ƙane bai samu gado ba, bai samu mota ba, kuma wannan na iya yi wa mai rabo ɗaci, amma maganar taimakonsa ta magada ce bayan kowa ya karɓi nasa.

Wurin da ƙaramin bayani ya fi girgiza wannan lissafi shi ne wa ya riga wa rasuwa. An ce ɗan ya rasu shekara 2 kafin uban. Shekara 2 ko kwana 2 duk ɗaya ne, abin da ake nema shi ne ya riga shi. Da ɗan ya rayu bayan uban ko da sa'a guda, sai miliyan 17 da suka rage bayan mata da mahaifiya su zama nasa da 'yan'uwansa mata, shi miliyan 8.5, kowaccensu miliyan 4.25, sannan nasa kason ya gangara ga magadansa. Kowace 'ya ta sauko daga 8 zuwa ƙasa da 5 a kan tazarar sa'a ɗaya. Saboda haka duk tambayar da aka ce uba da ɗa sun yi haɗari tare, a bar zancen irin motar da sunan garin, a nemi wanda ya fara cikawa. In ba a sani ba, ba sa gadon juna.

Wani abin lura shi ne ba bayanin da yake banza ko mai amfani a karan kansa, tambayar ce ke mayar da shi haka. A ce layin ƙarshe ya ce: nawa ne rabon mahaifiya? Labarin bai canza ba, amma duk dogon bincikenmu a kan matar da aka saka ya zama ba dole ba, domin mata biyu ne ko uku tumunin bai ƙaru ba. Rigimar jika da ƙane ma ba ta shafe ta, haka ma wa ya riga wa rasuwa. Abin da take buƙata shi ne a san akwai zuriya, a kuma san dukiyar da ta rage bayan bashi da wasiyya, don haka maganar mota da ta agola suna nan da nauyinsu. Amsarta miliyan 4 a layi huɗu. Wanda ya raba gadon duka a nan bai yi kuskure ba, ya dai ƙona lokacin da zai amsa wata tambayar da shi.

Gargaɗi ɗaya game da saurin soke suna. Wanda aka katange ba kullum yake fita daga lissafi ba. Mutum ya rasu ya bar uba, uwa da 'yan'uwa biyu, ba ɗa ba jika. Uba ya katange 'yan'uwan, ba su da ko sisi. Amma samuwarsu ta sauke uwa daga sulusi zuwa sudusi, uba ya kwashe sauran kashi biyar cikin shida. Ɗalibin da ya goge su tun farko zai ba uwa ninkin haƙƙinta. Don haka tambayar da za a yi wa kowane suna biyu ce, ko yana samu, da kuma ko zamansa yana taɓa rabon wani.

A takardar amsa, abin da aka gane ba ya aiki bai kamata a yi shiru a kansa ɗungurungum ba, musamman wanda aka ɗana da niyya. Layi ɗaya ya isa: haɗarin bai shafi wannan gado ba domin ba ɗan ake gada ba, kuɗin gona ba sa cikin dukiya domin an kashe su kafin rasuwa. Mai duba takarda zai san ka gani ka ajiye da dalili, ba tsallakewa ka yi ba. Shekaru da sunan kasuwa kuwa ko ambato ba sa buƙata.

Sai kuma abin da labarin bai faɗa ba, wanda doguwar tambaya takan sa a manta da shi saboda an cika mutum da zance. An ce amarya ba ta haihu ba, ba a ce ba ta da ciki ba. A jarrabawa sai a rubuta cewa an yi rabon bisa ɗaukar cewa babu juna biyu, a wuce. A gidan rasuwa kuwa tambaya ce da dole a aika mata su yi kafin a taɓa komai, domin a Malikiyya in akwai ciki ana dakatar da rabon duka har a haihu. In ta haifi namiji rayayye, jikan ya fita, 'ya'ya matan sun koma miliyan 4.25 kowacce, jaririn ya ɗauki 8.5. In mace ce, su uku za su raba miliyan 16 ɗin, jikan ya riƙe miliyan ɗayansa.